Ramuwa ko Kaffara? Inda Iyakar Take Idan Azumi Ya Karye

Duk shekara, da zarar azumi ya kwana biyar ko shida, tambayar da ta fi yawa a zauren malamai bayan la'asar ita ce: "Allah gafarta Malam, na sha ruwa da mantuwa, sittin ta hau kaina?" Wani kuma ya zo da nasa, ruwan alwala ne ya zarce masa. Wata ta aiko ɗanta ya tambaya mata, ta ci sahur ashe alfijir ya riga ya keto. Mutane sun haɗa kowace irin karyewar azumi sun zuba a kwando ɗaya, suka sa mata suna sittin da ɗaya. Alhali a fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ake karantarwa a yawancin zaurukan Kano da Jigawa, mafi yawan abin da ke faruwa da mai azumi ramuwar yini ɗaya ce kawai, wasu abubuwan ma ba su taɓa azumin ko kaɗan. Kaffara ƙofarta ƙarama ce, kuma sau da yawa abin da mutum ya yi bayan kuskuren ne yake tura shi cikinta.

Kalmomi biyu da ake cakuɗawa

Ramuwa ita ce mayar da yinin da ya ɓaci, yini a madadin yini, bayan Sallah. Ba hukunci ba ce, biyan bashi ne, shi ya sa take hawa kan marar lafiya da matafiyi da mai haila, waɗanda ba su yi laifin komai ba. Kaffara kuwa tara ce a kan wanda ya keta alfarmar watan. Tana zuwa ne tare da ramuwa, kuma daga nan aka samo wannan "ɗayan" da ake ƙarawa a kan sittin.

Kafin kaffara ta hau kan mutum sai abubuwa biyar sun haɗu. Ya zama da gangan ya yi. Ya zama da zaɓinsa, babu wanda ya tilasta shi. Ya zama ya san abin haramun ne. Ya zama ba shi da wani dalili mai ma'ana da ya ruɗe shi har ya zaci ya halatta. Sannan ya zama a cikin Ramadan ɗin kansa ne. Idan ɗaya ya faɗi, kaffara ta faɗi. Wanda yake ramuwa a Shawwal ya karya da gangan ya yi laifi, amma babu sittin a kansa, domin alfarmar ta watan ce. Haka wanda bai daɗe da shiga Musulunci ba, bai san ana barin kusantar iyali da rana ba, ramuwa kawai zai yi. Sai dai a lura: wanda ya san abu haramun ne amma bai san akwai kaffara a kansa ba, wannan rashin sanin ba ya cetonsa.

Akwai ƙarin sharaɗi a ɓangaren ci da sha, wato abin ya bi ta baki. Abin da ya isa maƙogwaro ta hanci ko kunne ko ido, ko da gangan aka sa, iyakarsa ramuwa.

Manomi ɗaya, hanya uku

A ɗauki misalin mai noman rani a wajen Kura ko Kadawa, azumi ya faɗo lokacin yankan alkama. Ya kwana da niyya, ya yi sahur, yana gona tun sassafe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya rana ta take, ya nufi gindin bishiya inda yara suka ajiye jarka, ya ɗaga ya kwankwaɗa, sai da ya yi maƙwarwa uku sannan abokin aikinsa ya daka masa tsawa: "Kai, azumi fa!"

A wannan lokacin hukuncinsa mai sauƙi ne. Ya zubar da abin da ke bakinsa, ya kame har faɗuwar rana, bayan Sallah ya rama yini ɗaya. Babu zunubi, babu kaffara. Kamewar nan wajibi ce, ko da yake yinin sai an rama shi, saboda girman watan.

To a ce bai kame ba. Ya ce a ransa, tunda ya riga ya karye, ai shi ke nan, bari in ƙarasa. Ya shanye ruwan, ya koma gida ya ci ɗumame. Idan da gaske haka ya fahimta, yana zaton wanda azuminsa ya karye an sake masa baki, malamai suna kiran wannan tawili na kusa, wato kuskuren fahimta da ya jingina da wani abu da ya faru da gaske. Shi ma ramuwa ce kawai, sai a koya masa don gaba.

Hanya ta uku ita ce mai haɗari. Ya san sarai cewa kamewa wajibi ce, ya sha jin malam yana faɗa, amma ƙishirwa ta sa ya ce tunda dai zan rama, gara in more. Wannan ya ci da gangan, da sani, a cikin Ramadan, ba tare da wani abin da ya ruɗe shi ba. Kaffara ta hau kansa. Maƙwarwa ukun farko ba su jawo masa komai ba face yini ɗaya, ta huɗun ce ta jawo masa sittin. Shi ya sa malamin da ya san aikinsa ba ya ba da amsa daga jin "na sha da mantuwa". Sai ya tambaya: da ka tuna, me ka yi? Kuma me kake zato a lokacin?

Akwai wata fuskar daban. Idan mai aikin ƙarfi ya galabaita da gaske, jiri na ɗibarsa, yana tsoron faɗuwa ko wata cuta, ya halatta ya sha ya rama, babu kaffara. Sharaɗin shi ne ya kwana da niyyar azumi, sai wahalar ta same shi sannan ya sha. Ba a yarda ya tashi da asuba ya ce yau akwai yankan alkama don haka ba zan ɗauka ba.

Saɓanin da ke kan mantuwa

A nan ne ake samun musu a majalisa, musamman yanzu da kowa ke jin wa'azi a rediyo da waya. Wani zai ce ai malam wane ya ce wanda ya ci da mantuwa babu ramuwa a kansa. Gaskiya ya ji. Akwai hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ya manta yana azumi ya ci ko ya sha, ya cika azuminsa, Allah ne Ya ciyar da shi Ya shayar da shi. Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad duk sun tafi a kan cewa azuminsa lafiya lau. Imam Malik ya ce a azumin farilla sai ya rama, domin kame baki shi ne ginshiƙin azumi, idan ginshiƙi ya faɗi dole a mayar, kamar wanda ya manta raka'a a salla. Malaman mazhabarsa suka fassara hadisin da cewa zunubi ne aka ɗauke, ko kuma azumin nafila ake nufi, domin a nafila su ma sun ce babu ramuwa.

Abin lura shi ne ɓangarorin biyu sun haɗu a wuri biyu: mutumin zai ci gaba da kamewa, kuma babu kaffara. Saɓanin duka a kan yini ɗaya ne. Wanda ya rama ya fita daga saɓani, wanda ya bi ɗaya maganar bisa fatawar malamin da ya amince da shi ba abin zargi ba ne. Abin da babu wanda ya faɗa shi ne a ci gaba da ci.

Tawilin da ake karɓa da wanda ake mayarwa

Ba kowane "na zaci" ake karɓa ba. Ma'aunin shi ne, shin abin da mutum ya dogara da shi ya riga ya faru, ko kuwa jiransa yake?

Mutum ya wayi gari da janaba, bai yi wanka ba sai da rana ta fito, ya zaci azuminsa bai ƙullu ba, ya ci abinci. Azuminsa da ma lafiya yake, janabar dare ba ta hana azumi, amma ruɗewar tasa tana da tushe, don haka ramuwa ce. Mace ta ga tsarki kafin alfijir, ba ta samu yin wanka ba sai da gari ya waye, ta zaci yau ba ta da azumi, ita ma haka. Wanda ya tashi daga Wudil zuwa Kano ya sha ruwa yana zaton shi matafiyi ne, alhali tafiyar ba ta kai ta ƙasaru ba, wadda take mil 48, kimanin kilomita 80, shi ma ramuwa. Wanda ya ga jinjirin watan Sallah da rana tsaka ranar talatin ya buɗe baki yana zaton Sallah ta yi, haka nan.

Ga kuma ɗaya gefen. Mace ta san kwanakinta, ta ce yau ne ranar da jini ke zuwar mini, sai ta karya kumallo tun da safe. Ko da jinin ya zo da azahar kamar yadda ta lissafa, kaffara ta hau kanta, domin lokacin da ta ci tana da tsarki, uzurin bai iso ba tukuna. Daidai da mai zazzaɓin da ke kama shi rana bayan rana, ya ce yau ranarsa ce, ya sha kunu tun kafin jikin ya ɗau zafi. Wannan shi ne tawili na nesa. Mata da yawa suna faɗawa a ciki ba don raina azumi ba, sai don babu wanda ya taɓa warware musu. Hukuncin mai jiran haila shi ne ta tashi da azumi har sai ta ga jinin da idonta. Idan ya zo, ko da saura minti biyar a sha ruwa, yinin ya tafi, ramuwa ce babu laifi.

Gefen asuba da gefen magariba

Azumi yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yanzu yana komawa cikin watannin hazo, lokacin da rana ke ɓacewa a sama tun kafin ta faɗi. A ƙauyen da ladan ke duba gari da ido, ko agogonsa ya yi gaba, yakan faru a kira salla, mutane su kai dabino da kunun tsamiya baki, can sai a hango jan ƙwallon rana ta cikin hazo. Duk wanda ya sha a kan wannan kiran zai daina nan take, ya jira faɗuwar rana ta gaskiya, ya rama yini ɗaya. Babu kaffara a kan kowa, har ladanin.

Gefen asuba ma haka. Wanda ya farka a makare, ya ci yana ganin da sauran dare, daga baya ta bayyana alfijir ya riga ya fito, zai kame ya rama. Wanda yake kokwanto, bai san ya fito ko bai fito ba, a Malikiyya ba zai ci ba. Idan ya ci zai rama, sai fa in ta tabbata daga baya cewa da sauran dare lokacin da ya ci. Inda ake kira biyu, na farko na tashin mutane ne, ana ci ana sha bayansa, na biyu ne ke rufe baki. Idan na biyun ya same ka da loma a baki, ka tofar, azuminka ya inganta. Haɗiye ta bayan ka tabbata alfijir ya keto shi ne matsala, kuma al'adar nan ta "bari in ƙarasa kofin kafin ladan ya gama" wasa ne da wuta.

Abin da ya shiga ba da so ba

Fiƙihu ya san mutane suna aiki. Ƙurar hanya da mai babur ke shaƙa, garin da ke tashi a injin niƙa, ƙaiƙayin sussuka da shiƙa, ƙurar hatsi da mai awo ke sha yini guda a kasuwar Dawanau, ƙudan da ya faɗa baki ya wuce, duk an yafe, babu ramuwa, domin mai sana'ar ba shi da yadda zai kauce musu. Hayaƙin itace da ke shiga hancin mai girki shi ma ba komai. Amma turaren wuta da tururin tukunya hukuncinsu daban: idan mace ta sunkuya ta shaƙa da niyya har ya kai maƙogwaro, sai ta rama. Jin ƙanshi daga nesa ba ya karya komai. Ɗanɗana gishirin miya a harshe makaruhi ne, a tofar, in ya wuce ba da so ba, sai a rama.

Ruwan alwala shi ne ya fi kama mutane. An kurkure baki ko an shaƙa a hanci, ruwa ya zarce. A azumin farilla ramuwa ce, ko da ba a yi niyya ba, shi ya sa ake hana mai azumi kai ruwa can ƙurya. Bayan an tofar, damshin da ya rage a baki ba ya cutarwa, ba sai an yini ana tofe-tofe ba. Yawu da kaki ma haɗiye su ba ya karya azumi a magana mafi ƙarfi. Asuwaki ya halatta yini duka, ɗanyen icce ne aka ƙi saboda ruwansa da ɓarɓashinsa.

Amai iri biyu ne. Wanda ya taso da kansa ya fita, babu komai, muddin ba a mayar da wani abu ciki ba. Wanda aka jawo da gangan, aka sa yatsa a maƙogwaro, ramuwa. Kwalli da maganin ɗigawa a ido ko kunne ko hanci, idan an sa da rana aka ji ɗacinsa a maƙogwaro, ramuwa. Idan da dare aka sa, ya sauko da rana, babu komai. Allurar zazzaɓi ko ta ciwo da ake yi a tsoka ko jijiya, mafi yawan malaman wannan zamani sun ce ba ta karya azumi. Ƙarin ruwa kuwa yana tsayawa a matsayin abinci, kuma wanda ya kai ga ƙarin ruwa ai marar lafiya ne, ya sha ya rama. Ƙaho da ɗibar jini don gwaji ba sa karyawa. Taba sigari da gangan ci ne ta baki, hukuncinta na mai ci da gangan ne.

A ɓangaren sha'awa, mafarki da rana ba ya taɓa azumi, wanka kawai za a yi. Idan wasa da iyali ko kallo ya fitar da maziyyi, ramuwa. Saduwa da gangan, ko fitar da maniyyi da gangan, kaffara. Idan miji ne ya tilasta matarsa, ita ramuwa kawai za ta yi, shi zai yi kaffara biyu, tasa da tata, kuma tata sai ta hanyar ciyarwa, domin ba a yi wa wani azumin kaffara. Shafi'iyya da Hanbaliyya ma a kan saduwa kaɗai suka tsayar da kaffara, mai ci da gangan a wurinsu tuba da ramuwa ne, amma ba wannan ake ba da fatawa da shi a Malikiyya ba.

Idan kaffarar ta tabbata, da kuma bashin da aka bari ya kwana

Mutane sun riƙe azumi sittin kamar shi kaɗai ne hanya. A Malikiyya zaɓi ne tsakanin uku: ciyar da miskinai sittin, ko azumin wata biyu a jere, ko 'yanta bawa, wanda babu shi yanzu. Ciyarwa ce ma aka fi so. Kowane miskini mudu ɗaya, amma mudun Annabi ake nufi, ba kwanon awo na kasuwa ba. Shi ne cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, rubu'in abin da ake fitar wa mutum ɗaya a zakkar fidda kai. Ke nan mudu sittin daidai yake da zakkar fidda kai ta mutum goma sha biyar, bai kai rabin babban buhun gero ba. Ana bayarwa daga abin da garin ya fi ci, gero ko dawa ko masara ko shinkafa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juye wa mutum biyar ko goma duka. Dole adadin ya cika sittin, kowa da mudunsa. Idan an ba mutum talatin mudu bibbiyu, talatin aka ciyar, saura talatin. Kowane yini da kaffararsa: wanda ya karya kwana uku da gangan, kaffara uku, wanda ya ci sau uku a yini ɗaya, kaffara ɗaya.

Wanda ya zaɓi azumin, idan ya sha yini ɗaya a tsakiya ba uzuri, ya koma farko. Haila da rashin lafiya ba sa yanke jerin, ana ɗorawa da zarar uzurin ya wuce.

Ramuwa kuma tana da lokaci mai faɗi, daga bayan ranar Sallah har ƙarshen Sha'aban, a jere ko a rarrabe, ban da ranakun idi. Wanda ya yi sakaci har wani azumin ya riske shi zai rama bayan Sallah, ya kuma ba da mudu ɗaya a kan kowane yini. Ana duba sakacin ne a ƙarshen Sha'aban. A ce ana bin mace kwana bakwai, tana lafiya kuma tana da tsarki a kwana bakwai na ƙarshen Sha'aban, ba ta rama ba: kwana bakwai da mudu bakwai. Idan kuwa rashin lafiya ko haihuwa ta cinye mata waɗannan kwanakin, ramuwa ce kawai. Mudun ba ya ninkuwa don shekaru sun taru. Mai ciki da ta sha don tsoron lafiyarta ko ta cikin za ta rama ba ciyarwa, mai shayarwa da ta sha don jaririnta za ta rama ta kuma ba da mudu a kan kowane yini. Sannan duk wanda haila ko ciwo ko tafiya ta yanke masa azumi a tsakiyar wata, niyyar daren farko ta yanke tare da shi, sai ya sabunta ta da dare kafin ya ci gaba.